Buhun Taki da Buhun Masara: Lissafin da Ke Ƙarƙashin Tallafin Noma

Duk wata muhawara kan tallafin noma, idan aka tace ta, tana komawa ne ga tambayar da manomin masara ke yi wa kansa a watan Mayu kafin ya kai hannu aljihu: masara nawa zan sayar in sayi buhun taki ɗaya, kuma masara nawa buhun nan zai ƙara mini? Gwamnati tana iya taɓa wannan lissafi ta gefe biyu. Ko ta sauko da kuɗin takin, wato tallafi, ko ta riƙe farashin masarar kada ya faɗi ƙasa da wani mataki, wato mafi ƙarancin farashi. Takardar rangwame kuwa, wadda ma'aikata ke kira bauca, ba wata dabara ce ta uku ba. Hanya ce kawai ta isar da tallafin ga mutumin da aka nufa da shi. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da inda yake yoyo, kuma an ga yoyon a zahiri, a Najeriya da wasu ƙasashe.

A fara da gonar kanta. Shawarar da malaman gona suka saba bayarwa ga hekta ɗaya ta masara a yankunan da ake nomanta sosai, irin su Saminaka da Giwa da Dandume, ita ce kilo 120 na sinadarin naitirojin, da kilo 60 na fosfat, da kilo 60 na fotash. A harshen buhu, wannan kamfa takwas ke nan mai lamba 15:15:15, da yuriya kusan uku. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, na kamfa kuwa kilo bakwai da rabi. Abin da ke raba riba da asara shi ne yawan masarar da kowane kilo na naitirojin ke haifarwa. A gona mai kyau, da iri ingantacce, da noma a kan kari, kilo ɗaya yana iya ba da kilo 20 na masara ko fiye. A gonar da ta gaji, mai yashi, wadda wuta-wuta ta kama, da kyar ake samun rabin haka.

A ɗauki wasu alƙaluma don misali kawai, tunda farashi kullum sauyawa yake. A ce yuriya tana naira 40,000, buhun masara mai kilo 100 kuma yana naira 30,000 da kaka. Manomin da gonarsa ke ba da kilo 10 a kan kowane kilo na naitirojin zai samu ƙarin kilo 230 daga buhu ɗaya, wato naira 69,000. A takarda ya ci riba. Amma masana tattalin arzikin noma sun daɗe da lura cewa ƙaramin manomi ba ya sakin kuɗinsa sai ya ga abin da zai dawo ya ninka abin da ya zuba sau biyu aƙalla, domin akwai fari, akwai tsutsa, akwai kuɗin mota da na masu zuba taki da na masu girbi. Naira 69,000 a kan 40,000 bai kai ninki biyu ba, don haka zai rage taki ko ya koma dawa da waken suya. Idan gwamnati ta ɗauke masa rabin kuɗin, ya biya 20,000, ribar ta haura ninki uku, sai ya saya. Wannan ita ce hujjar tallafi, kuma hujja ce mai ƙarfi. Matsalar tana cikin abin da ke faruwa tsakanin baitulmali da kunyar gona.

Daga 1999 zuwa 2011 gwamnatin tarayya ita ce ke sayen taki daga 'yan kwangila, ta cire kashi 25 cikin ɗari na kuɗinsa, ta tura wa jihohi, jihohi su ƙara nasu rangwamen su raba ta hannun ƙananan hukumomi da mazaɓu. Duk inda aka samu kaya iri ɗaya da farashi biyu a gari ɗaya, to an buɗe kasuwa ga mai iya ɗaukarsa daga wannan farashi ya kai wancan. Takin gwamnati yakan fita daga sito ya ɓulla a rumfar kasuwa, wani lokaci ko buhun ba a sauya ba. Akinwumi Adesina, da ya zama ministan noma a 2011, ya sha faɗin cewa kashi 11 cikin ɗari na manoma ne kaɗai ke samun takin. Akwai kuma ɓarna ta biyu da ba a cika magana a kanta ba. Ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa ya kai taki ƙauye yakan ji tsoro, domin bai san ranar da motar gwamnati za ta sauke kaya mai rahusa a gefensa ba. Sai ya ƙi zuwa, ƙauyen ya rasa na gwamnati ya rasa na kasuwa.

Takardar rangwame an ƙirƙiro ta ne don magance waɗannan biyun. Gwamnati ta cire hannunta daga saye da dako, ta bar wa 'yan kasuwa, ita kuma ta ba manomi shaidar da zai kai shagon dillali ya biya nasa kason, dillali ya tara shaidun ya karɓi cikon kuɗinsa daga gwamnati. An gwada haka a Kano da Taraba a 2009 tare da IFDC, wata cibiyar ƙasa da ƙasa mai aikin bunƙasa taki, inda a Kano aka bi ta ƙungiyoyin manoma. A 2012 aka mayar da shi shirin ƙasa baki ɗaya mai suna GES, aka kuma mayar da takardar ta zama saƙon waya da kamfanin Cellulant ke sarrafawa. Tsarin a sauƙaƙe shi ne: a yi wa manomi rajista a mazaɓarsa, a haɗa sunansa da lambar wayarsa, a turo masa saƙo ya je cibiyar karɓa, ya biya rabin kuɗin buhu biyu, kamfa ɗaya da yuriya ɗaya, a haɗa masa da iri. Ɗaya rabin kuma tarayya da jiha su raba, kowacce kashi 25 cikin ɗari.

Buhu biyun nan kilo 30 da rabi ne na naitirojin, kusan rubu'in abin da hekta ɗaya ke buƙata. Wasu na ganin wannan rowa ce, amma da gangan aka yi. Ƙaramin kaso ba ya jan hankalin babban manomi mai hekta hamsin, ba zai ɓata yininsa a layi kan buhu biyu ba, don haka tallafin yakan tace kansa ya tsaya ga ƙanana. Illarsa ita ce manomi yakan barbaɗa buhu biyun a gonar da ke son goma, ya ga ganye ya yi kore na ɗan lokaci, goyon kuma bai cika ba.

Shirin ya rage satar da ake yi a sito, ya kuma sa dillalan kayan gona sun yawaita a karkara. Inda ya karye shi ne wajen biya. Dillali yana ɗauko taki da bashin banki ko na kamfani, ya miƙa wa manomi a rabin kuɗi, ya zauna jiran sauran rabin. Jihohi da yawa ba su biya kasonsu a kan lokaci ba, tarayya ma ta yi jinkiri, bashin biliyoyin naira ya taru a kan gwamnati, kuɗin ruwa na cin dillalai. Wanda ya ƙone a bana ba zai kawo kaya baɗi ba, ko kuma ya kawo a makare bayan ya ga alamar kuɗi. Ga kuma matsalolin da duk wanda ya san ƙauye zai yi hasashensu: babu sabis, waya ɗaya gida biyar ke amfani da ita, saƙo ya zo da Turanci, sunan da ke rajista bai dace da na katin shaida ba, cibiyar karɓa tana da nisan da kuɗin acaba zai cinye rabin rangwamen.

Jinkirin nan ba ƙaramin abu ba ne, don masara ba ta jiran kwamiti. Ana zuba kamfa ne lokacin shuka ko cikin mako biyu na farko, yuriya kuma wajen mako na biyar zuwa na shida, kafin ta fitar da bunu. Yuriyar da ta iso bayan masara ta yi goyo kusan sadaka ce ga ciyawa. A koma ga misalin ɗazu: idan makara ta sa kilo 10 ya koma kilo 5, buhun zai ba da kilo 115 kacal, naira 34,500, ƙasa da ainihin kuɗin takin. Manomi bai ji zafin ba tunda 20,000 ya biya, amma ƙasa ta zuba 40,000 ta kwashi 34,500. Shi ya sa manomin da ya karɓi taki a ƙarshen Agusta ya sayar da shi a bakin cibiya bai kamata a yi saurin kiransa macuci ba. Lissafinsa daidai ne.

Akwai wani yoyon da ba ya bayyana a rahoton kowace ma'aikata, domin ba sata ba ce. A ce an raba buhu 1,000, gwamnati ta biya naira 20,000 a kan kowanne, jimilla miliyan 20. A ce 300 sun shiga hannun manoman da ko babu tallafi za su sayi takinsu, 200 kuma sun tsallaka iyaka. Sabon takin da ya shiga gonakin ƙasar saboda shirin buhu 500 ne kawai, kowanne ya ci wa gwamnati 40,000, daidai da cikakken farashinsa a kasuwa. Waɗancan 300 ba asara ba ce ga manoman da suka samu, kuɗi ne ya shiga aljihunsu, amma bai ƙara ko tiya ɗaya a rumbun ƙasa ba, kuma ya rage cinikin dillalin da ba ya cikin shirin. Alamar da ake gane wannan ita ce a duba cinikin takin da ba na tallafi ba a yankin: idan ya faɗi daidai lokacin da rabo ya ƙaru, to musanya aka yi, ba ƙari ba. Tsallaka iyaka kuwa Ghana ta ɗanɗana shi a shirinta na tallafin rabin farashi da ta fara a 2017, inda aka riƙa kama taki yana fita ta arewa zuwa Burkina Faso da Togo.

A nan ne rikicin zaɓen masu cin gajiya yake. Idan aka ba mai ƙarfi, yana da iri da ma'aikata da zai sa takin ya yi aiki, amma da ma zai saya. Idan aka ba marar ƙarfi, takin sabo ne a gonarsa, amma yana iya rasa 20,000 ɗin da zai cika a watan da rumbu ya ƙare, sai ya sayar da takardar ga wanda ke tsaye a bakin layi da kuɗi a hannu. Wanda tallafi ya fi yi wa amfani shi ne na tsakiya, mai gona da ƙarfin aiki amma marar tsabar kuɗi a farkon damina, kuma shi ne mafi wuyar ganewa a rajista. Malawi, wadda ta fara rabon takardun buhu biyu a 2005 kuma ta zama abin kwatance a Afirka, ta samu ƙarin masara, amma da farashin taki ya tashi a duniya a 2008 shirin ya cinye kusan kashi 16 cikin ɗari na kasafin kuɗin ƙasar. Gwamnati ta yi alkawarin abin da manomi zai biya, don haka duk tashin da kasuwar duniya ta yi a kanta ya sauka. Kuɗin da ya tafi nan shi ne wanda bai je ga hanyoyin karkara da binciken iri da albashin malaman gona ba, alhali waɗannan su ne ke ɗaga kilo 10 ɗin nan ya zama 20.

Shirin taki na fadar shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 ya bi wata hanya dabam: a kawo fosfat daga can, a haɗa da yuriyar gida a masana'antun cikin ƙasa, a sayar da kamfa 20:10:10 a naira 5,500. Ya farfaɗo da masana'antun haɗa taki da dama, sai dai ƙayyadadden farashi ba ya tsayawa idan naira na faɗuwa.

Ɗaya gefen lissafin shi ne farashin masarar. Da kaka kowa na sayarwa lokaci guda, ga bashin da aka ci da damina, ga kuɗin makaranta, ga biki, sai farashi ya faɗi. Zuwa Yuni da Yuli yakan tashi, lokacin da hatsin ya riga ya koma hannun masu sito a Dawanau. Mafi ƙarancin farashi alkawari ne cewa idan kasuwa ta sauka ƙasa da wani adadi, gwamnati za ta saya a wannan adadin. Amfaninsa na gaske yana zuwa ne tun kafin shuka: manomin da ya san buhunsa ba zai gaza 35,000 ba zai saki jiki ya sayi taki. Saboda haka farashin da aka sanar bayan girbi ya riga ya rasa rabin amfaninsa.

Sanarwa kaɗai ba ta riƙe kasuwa, sai an fito da kuɗi an saya. A ce jiha tana noma tan miliyan ɗaya, kasuwa na 30,000, gwamnati ta ce 35,000. Idan za ta ɗauke kashi ɗaya cikin goma don farashi ya motsa, buhu miliyan ɗaya ke nan, naira biliyan 35, a cikin makonni kaɗan na kaka, kuma kuɗi hannu. Bayan nan sai busarwa, domin masarar da danshinta ya wuce kashi 13 cikin ɗari tana yin fumfuna a rumbu, sai maganin ƙwari, sai dako, sai gadi. Idan kuɗin bai kai ba, sayen yakan koma ta hannun 'yan kwangila, kuma sakamakon sananne ne. Manomi mai buhu shida ba zai ɗauki hayar mota zuwa cibiya, a gwada danshi a ce bai yi ba, ko a karɓa a ce ya dawo bayan wata biyu ba. Zai sayar wa ɗan kasuwa a 30,000 a ƙofar gida, ɗan kasuwa ya tara tirela ya kai wa gwamnati a 35,000. An kashe kuɗin, farashin ƙauye bai motsa ba. Wanda ke son sanin ko irin wannan shiri na aiki, farashin kasuwar ƙauye a mako uku na farkon kaka zai duba, ba yawan tan da aka ce an saya ba.

Inda gwamnati ke da kuɗin saye kuma, wata matsalar ce ke jira. Tailan ta yi alkawarin sayen shinkafa a baht 15,000 na kuɗin ƙasar kowane tan a 2011, sama da farashin kasuwa nesa ba kusa ba. Shinkafa ta taru a rumbuna har miliyoyin tan, wata ta lalace, aka riƙa shigo da ta maƙwabta a ɓoye ana sayar wa gwamnati, ƙasar kuma ta rasa matsayinta na kan gaba wajen fitar da shinkafa a 2012. Indiya ta daɗe a wannan hanya, tun da ta kafa hukumar sayen abincinta a 1965, kuma tsarin ya ciyar da ƙasar. Amma tabbacin farashin shinkafa da alkama ya sa manoman Punjab sun rungumi waɗannan biyun, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ta ja da baya, kuma duk gwamnatin da ta nemi taɓa tsarin sai ta gamu da fushin manoma. A nan gida tarihin ya bi ta ɗaya gefen ne. Hukumomin sayen amfanin gona na zamanin dalar gyada a Kano su ma da sunan daidaita farashi aka kafa su, amma sun riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna riƙe rarar, har aka rushe su a 1986. Hukumar da ke da ikon sa farashi tana iya sa shi ya zama kariya, tana iya sa shi ya zama haraji.

Sannan akwai tambayar wa ke cin ribar tsadar hatsi. Gidaje da yawa a karkara suna sayar da kaɗan da kaka, su dawo suna awo a tiya daga bazara har sabon hatsi ya fito. A lissafin shekara, masu saye ne ba masu sayarwa ba. Ɗaga farashi yana taimakon mai rara, yana matsa wa irin waɗannan, da mai kiwon kaji wanda masara ce mafi yawan abincin kajinsa, da ma'aikacin birni. Gwamnati kuma da ta ji kukan birni sai ta juya. A Yulin 2024 Najeriya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Farashin hatsi ya sauko a 2025, masu saye suka samu sauƙi, taki kuwa bai sauko ba, manoman da suka noma da tsada suka sayar da araha. A misalinmu, idan masara ta faɗi daga 30,000 zuwa 20,000, kilo 230 ɗin nan ya koma naira 46,000 a kan takin 40,000. Shawara guda kan shigo da abinci tana iya shafe abin da tallafin taki ya gina, kuma ma'aikatu daban-daban ne ke yanke su biyun.

A Nijar an daɗe ana amfani da wata dabara da ke kai hari kan faɗuwar farashin kaka ba tare da gwamnati ta sayi ko buhu ɗaya ba. Ƙungiyar manoma tana tara hatsinta a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da zai ba da rance. Bankin ya ba su bashin da bai kai cikakken darajar hatsin a farashin kaka ba, su biya buƙatunsu ko su yi sana'ar rani, bayan wata biyar ko shida su biya bashin, a buɗe sito su sayar ko su ci. Sau da yawa kuɗin yakan faɗo daidai lokacin sayen taki. Dabarar tana tsayawa ne a kan sharaɗi ɗaya: tashin farashi daga kaka zuwa bazara ya fi kuɗin ruwa da kuɗin ajiya. A ce an ajiye buhu yana 30,000, ruwa da ajiya suka ci 4,000, to sai farashi ya wuce 34,000 kafin a ce an ci riba. A shekarar da gwamnati ta buɗe iyaka ko ta fito da hatsin rumbunta ta sayar da rahusa a tsakiyar wannan lokaci, waɗanda suka ajiye su ne ke kwana ciki, kuma baɗi da wuya a shawo kansu su sake kai hatsi sito.